Me ya sa adaftar HDMI zuwa VGA ba ta kawo hoto sai an ba ta wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar monita inci 19 mai ramin VGA kaɗai, ina so in riƙa kallon ƙwallo da ita a shagona da ke Kurna. Na sayo dogon kebul, gefe ɗaya HDMI gefe ɗaya VGA, na jona da dikoda, ba abin da ya fito. Na aro wata 'yar guntuwar adafta fara wajen maƙwabcina. A laftof ɗinsa tana kawo hoto, a dikodata kuwa sai "No Signal". An ce sai na sayi mai cin wuta. Mene ne haɗin wuta da hoto? Ba na so in sake zubar da kuɗi.

Wa alaikumus salam, Malam. Dogon kebul ɗin nan dai ka cire rai da shi. Ko wace irin wuta ka ba shi ba zai kawo hoto ba, domin babu komai a cikinsa sai wayoyi. Guntuwar adaftar maƙwabcinka kuwa lafiyarta ƙalau, kuma ita ma wuta take ci, sai dai ba ka ga inda take samunta ba. Tana zuƙa ne daga cikin ramin HDMI ɗin da aka soka ta. Laftof ta ba ta abin da ya ishe ta, dikodarka ta gaza. Duk adaftar HDMI zuwa VGA da ka taɓa gani tana aiki, to mai cin wuta ce. Bambancin kawai shi ne daga ina wutar take zuwa, kuma ta isa ko ba ta isa ba.

Dalilin yana cikin yadda kowannensu yake ɗaukar hoto. VGA tsohon tsari ne, kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1987, lokacin monitoci masu ƙaton baya. Idan ka duba kan kebul ɗinsa, mai launin shuɗi da kusoshi biyu, za ka ga fil 15 a jeri uku. Uku na farko su ne masu ɗaukar hoton: na ɗaya ja, na biyu kore, na uku shuɗi. A kan kowanne ɗaya, ƙarfin lantarki ne yake hawa yana sauka tsakanin sifili da bolt 0.7. Idan ya kai 0.7, launin ya cika. Idan ya sauka rabi, launin ya dusashe rabi. Idan sifili ne, babu shi. Sai fil na 13 da na 14, waɗanda suke gaya wa monita cewa layi ya ƙare a koma farkon na gaba, ko shafi ya ƙare a koma sama. Monitar VGA ba ta san wani abu ba bayan wannan. Ita dai ta ga lantarki yana hawa da sauka a kan wayoyi uku, ta ga bugun da ke tsara mata layuka, sai ta zana. Wannan shi ne abin da ake ce wa analog.

HDMI kuwa an fitar da ƙa'idarsa ta farko a ƙarshen 2002, kuma dijital ne tsantsa. Fil 19 gare shi, babu ko ɗaya da aka ware wa analog. Ba ya aika hasken launi a matsayin ƙarfin lantarki, lamba yake aikawa. Kowane ɗigo a kan allo yana da lambobi uku, na ja da na kore da na shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. Ana mayar da lambobin nan jerin sifili da ɗaya, a sake musu tsari yadda za su jure tafiya a waya, a tura su ta tagwayen wayoyi uku, da wasu tagwaye na huɗu masu riƙe lokaci. A hoton 1080p mai sauyawa sau 60 a daƙiƙa, ana tura ɗigo miliyan 148.5 duk daƙiƙa idan aka haɗa da gurbin da ke tsakanin layuka da shafuka, kuma kowane tagwayen waya yana ɗaukar sifili da ɗaya kusan biliyan ɗaya da rabi a wannan daƙiƙar. Idan ka ɗauki wannan ka zuba shi kai tsaye a fil ɗin ja na VGA, kamar yadda dogon kebul ɗinka ya yi, monita ba za ta ga ja ba, ba za ta ga komai da ta gane ba. Abin da ya fi muni, ba za ta samu bugun fil na 13 da na 14 ba, domin HDMI ba shi da wayoyi na musamman don su, a cikin jerin lambobin yake cusa su. Monitar da ba ta ji wannan bugun ba tana ɗauka ba a jona mata komai ba, sai ta rubuta "No Signal" ta yi barcinta.

Kamar mai kuɗi a asusun banki ne ya je wajen mai ƙosan da ba ta karɓar komai sai tsaba. Kuɗin na nan, amma lamba ne a waya. Dole sai an bi ta wajen mai cirar kuɗi na bakin titi ya mayar da lambar takarda, shi kuma ba kyauta yake yi ba, kuma sai na'urarsa tana da caji.

Mai yin wannan aiki a cikin adafta shi ne ɗan ƙaramin aisi, irin wanda masu gyaran waya a Farm Centre suke ɗagawa da iska mai zafi. Da za ka fasa guntuwar adaftar nan, abin da ban ba ka shawara ba tunda aro ce, za ka tarar da shi a kan ɗan allo kore a cikin kumburin da ke gefen VGA. Aikinsa shi ne ya karɓi jerin nan mai gudu, ya warware shi ya fito da lambobin kowane ɗigo, ya ware bugun layi da na shafi ya tura su fil na 13 da na 14, sannan ya mayar da kowace lamba ƙarfin lantarki. A ce ɗigon ruwan lemo ne, ja 255, kore 128, shuɗi 0. Aisi zai sa bolt 0.7 a fil na ɗaya, kusan 0.35 a na biyu, sifili a na uku. Kafin ƙiftawar ido ya yi wa miliyoyin ɗigo haka. Waya zalla ba ta lissafi, kuma duk abin da yake lissafi sai ya ci wuta.

To nawa yake ci, nawa kuma ake ba shi? A nan matsalarka take. Fil na 18 a ramin HDMI yana fitar da bolt 5. Amma waɗanda suka tsara HDMI ba su sa shi don ciyar da wata na'ura ba. Sun sa shi ne don dikoda ko kwamfuta ta iya karanta ɗan bayanin da ke ajiye a cikin talabijin ko da talabijin ɗin a kashe take, da kuma sanin cewa an soka kebul. Saboda haka abin da ƙa'ida ta wajabta wa na'ura ta bayar a wannan fil shi ne 55mA kacal. Ka kwatanta da ramin USB na kwamfuta, wanda ko tsohon samfuri yana ba da 500mA, ko cajar waya mafi sauƙi da aka rubuta wa 1A, wato 1000mA.

Yanzu ka duba ɓangare ɗaya kawai na aikin aisi ɗin. Kowace wayar launi ta VGA tana da juriyar om 75 a bakin monita, da wata 75 a bakin mai aikawa, idan suka haɗu nauyin ya zama om 37.5. Don a samu bolt 0.7 a kan wannan nauyi:

```
0.7 V / 37.5 Ω = 18.7 mA
18.7 mA × 3 = 56 mA
```

Wato fitar da farin launi kaɗai, a wayoyi uku, ya cinye duk kason da ƙa'ida ta yi alkawari. Ba a zo maganar ɓangaren da ke karɓar HDMI ba, wanda shi ne ya fi ci, ba a zo na sauti ba idan adaftar tana da shi. Shi ya sa da yawa daga cikin adaftocin nan suke cin ninki biyu ko fiye na abin da aka yi musu tanadi, kuma cin yana ƙaruwa idan hoton ya ƙara girma, domin aisi yana ƙara gudu.

Abin da ya sa kasuwar adafta marar caja take tafiya shi ne, 55mA mafi ƙaranci ne, ba a hana kowa ya ba da fiye ba. Yawancin laftof da kwamfutocin tebur suna jona fil na 18 da babban layin bolt 5 na cikinsu ta bayan ɗan fiyus, sai adafta ta sha iya shanta ba wanda ya ce mata kanzil. Masu ƙera adaftar sun san haka, kuma sun san yawancin masu saye laftof za su jona da majigi, sai suka dogara da wannan karamcin. Dikoda, da ƙananan akwatunan Android, da wasu na'urorin wasa, PS4 ma ta yi suna a wannan, su kan tsaya kusa da abin da ƙa'ida ta ce. Ba laifi suka yi ba, ba kuma lalacewa ba ce. Talabijin aka ƙera su su jona, talabijin kuma tana da wutarta. Idan adafta ta nemi fiye da abin da ke akwai, bolt 5 ɗin sai ya zube ƙasa, aisi ya kasa tashi, ko ya tashi ya faɗi. Idan ya kasa tashi gaba ɗaya, "No Signal" za ka gani, daidai da abin da kebul marar komai yake nunawa, shi ya sa mutane suke rikita su biyun. Idan kuma wutar tana bakin gaɓa, hoto ya kan zo na daƙiƙa biyu ya ɗauke, ya dawo ya ɗauke, ko ya tsaya a ƙaramin hoto amma ya ƙi babba. Duk wanda ya kawo mini adaftar da ke kawo 720p tana ƙin 1080p a monitar da na san tana ɗaukar 1080p, wuta nake fara zargi kafin komai.

Wadda aka ce ka saya, aisi iri ɗaya ne a cikinta, ƙari kawai shi ne ɗan rami a gefe, yawanci Micro USB irin na tsofaffin wayoyin Android, inda za ka soka caja. Ta nan take samun abin da ya ishe ta ba tare da ta ɗora wa dikoda nauyi ba. Ka fara duba ta maƙwabcin naka da kyau, gefe da gefe. Da yawansu suna da wannan ramin, mai ita bai taɓa kula ba saboda laftof ɗinsa ba ta taɓa sa shi nema ba. Idan akwai, ka soka cajar waya ka gwada kafin ka fita kasuwa.

Za ka iya cewa, to me ya sa ake sayar da dogon kebul ɗin, kuma me ya sa mutane suke yarda da shi? Ina ganin gadon DVI ne. A shekarun baya kwamfutocin tebur suna zuwa da farin rami mai faɗi, kuma a cikin kwali akan sako ɗan kai wanda ke mayar da shi VGA, babu aisi babu caja, yana kuma aiki. Sirrin shi ne irin wannan ramin, DVI-I, yana ɗauke da dijital da analog gaba ɗaya. Fil huɗun da ke kewaye da faffaɗan fil ɗin gefe na analog ne, kwamfutar ce ta riga ta yi juyin a cikinta, ɗan kan nan hanya kawai yake ba shi. Mutane suka saba cewa sauya kan kebul ya isa. Da HDMI ya zo babu analog a cikinsa ko kaɗan, sai dabarar ta daina aiki, amma kebul mai kai biyu bai daina shigowa kasuwa ba. Ba duk kebul mai tsawo ne na banza ba, akwai waɗanda aka ɓoye aisi a cikin kansu. Ana gane su da cewa kan VGA ɗin ya fi na kullum kauri da tsawo, sau da yawa da wata siririyar wayar USB ko ta sauti a rataye, kuma idan ya yi minti kaɗan a jone za ka ji ya ɗan yi ɗumi. Wanda kansa siriri ne kamar na kebul ɗin VGA na yau da kullum, ya kuma zauna da sanyinsa, babu kowa a gidan.

Sai dai Malam, ba na so ka sayo mai caja ka dawo kana cewa na sa ka asara, domin a dikoda wuta ita ce shinge na farko, akwai na biyu a bayanta, kuma a nan ƙasar shi ya fi kama mutane. Adaftar nan juyi kawai take yi daga lamba zuwa lantarki. Ba ta rage girman hoto, ba ta sauya saurinsa. Abin da dikoda ta ba ta, shi za ta miƙa wa monita. Laftof tana da wayo a nan: tana tambayar monita me take iya ɗauka, ta fil na 12 da na 15 na VGA, sai ta aika daidai da shi. Monita inci 19 mai faɗi yawanci 1366x768 ce ko 1440x900, mai kusurwa huɗu kuma 1280x1024, duk a 60Hz, kuma laftof tana iya fitar da kowanne. Dikoda ba ta san waɗannan ba. Girman talabijin kawai ta sani, 576 da 720 da 1080, kuma tunda tsarin talabijin na Najeriya na 50Hz ne, yawanci a kan 1080i mai 50Hz take fitowa daga kwali.

Wannan 1080i ɗin yana da illa biyu ga monitar kwamfuta. Harafin i yana nufin ana aika rabin layukan ne a zagaye ɗaya, sauran rabin a zagaye na gaba, abin da talabijin ta iya haɗawa amma yawancin monitoci ba su iya ba ta ramin VGA. Sannan saurin layinsa 28.125kHz ne, alhali VGA tun asalinta daga wajen 31.5kHz ta fara, kuma akasarin monitoci ba sa sauka ƙasa da 30. Ko an bar maganar layi, da yawansu an rubuta musu 56Hz zuwa 75Hz ko makamancin haka, wato 50Hz ya faɗi a waje. Sakamakon shi ne baƙin allo, ga adafta da wutarta, ga komai lafiya.

Abin daɗin shi ne monita tana faɗa maka inda matsalar take, idan ka karanta abin da ta rubuta maimakon ka ce kawai ba ta kawo ba. Ga yadda zan bi naka da a gabana yake. Zan jona kebul ɗin VGA daga monita zuwa adafta in ɗaure kusoshin, in soka caja a adafta, in kunna monita, sannan in soka HDMI a dikoda in kunna ta a ƙarshe. Jerin yana da amfani, domin dikoda da yawa sau ɗaya suke duba abin da aka jona musu, lokacin tashi. Idan a lokacin adafta ba ta farka ba, sai su ɗauka babu kowa. Idan bayan haka rubutun ya sauya daga "No Signal" ya koma "Out of Range" ko "Input Not Supported", to ka yi murna. Ma'anarsa aisi ya tashi, bugun layi yana isa monita, ita ce dai ta ce saurin bai yi mata ba. Maganar wuta ta ƙare ke nan, kada ka sake sayen wata adafta irinta, kada kuma ka canza caja.

Gyaran a cikin dikoda yake, amma ga shi ba ka ganin allonta. Ka ɗauke ta ka kai wajen wanda yake da talabijin mai HDMI, ko ka jona ta da kowace talabijin ta wayar nan mai kai rawaya da ja da fari. Ka shiga saitin hoto, inda za ka ga `Resolution` ko `Display Mode`, ka sauke shi zuwa `720p`. Idan ta ba ka zaɓi tsakanin `720p50` da `720p60`, ɗauki na 60. Saurin layinsa 45kHz ne, shafinsa 60Hz, duka biyun suna tsakiyar abin da monita take so, kuma a kan allo mai 1366x768 zai zauna kusan daidai. Ƙwallon za ta ɗan riƙa yin tsalle kaɗan idan kyamara tana bin ta da gudu, domin ana watsa wasan a 50 kana nuna shi a 60, amma ido yana sabawa. Idan 50 kaɗai dikodar take da shi, ka gwada `720p50` ɗin, saurin layinsa 37.5kHz ya shiga, saura ko monitar za ta haƙura da 50Hz. Wasu suna karɓa ko da ba a rubuta musu ba, wasu kuma ko kusa. In hoto ya fito amma ya karkace gefe ɗaya ko ya yanke, danna maɓallin `Auto` a jikin monita ta daidaita kanta.

Akwai hali na uku. Hoto ya fito, kana ganin jerin tashoshi da saitin dikoda tas, amma da ka shiga tasha sai baƙi, ko wani saƙo mai ɗauke da HDCP. Wannan kulle ne da masu finafinai da tashoshi suke sawa don hana kwafa. Na'urar tana tambayar abin da aka jona mata ko yana da mabuɗi, idan bai amsa ba ta hana shi hoton. Wasu adaftocin suna amsawa, wasu ba sa yi, kuma kwalinsu ba abin dogaro ba ne a kan wannan. A PS4 akwai inda ake kashe shi, a `Settings` sai `System` sai a cire alamar `Enable HDCP`, wasanni su fito, amma manhajojin kallo su ƙi buɗewa. A dikoda yawanci babu wannan zaɓin, sai dai gwada wata adaftar.

Idan kuma da caja da komai har yanzu "No Signal" ne, sai in koma kan ƙananan abubuwa. Na farko, alkiblar adaftar. Hanya ɗaya take bi, daga HDMI zuwa VGA. Akwai 'yar'uwarta mai yin akasin haka, daga tsohuwar kwamfuta mai VGA zuwa sabuwar talabijin, a ido kusan kamarsu ɗaya, kuma ana yawan miƙa wa mutum wannan a madadin waccan ba da mugun nufi ba. Ka duba inda aka rubuta `Input`, dole ya kasance a gefen HDMI. Na biyu, kebul ɗin VGA kansa. Ka leƙa cikin kansa da fitilar waya. Fil ɗaya da ya lanƙwashe a cikin ukun farko launi kawai zai ɓata, allo ya koma ruwan hoda ko rawaya, amma idan na 13 ko na 14 ne, hoton gaba ɗaya zai tafi. In ka ga gurbin na 9 babu fil, kada ka damu, tsofaffin kebul da yawa haka aka yi su. Na uku, wayar cajar. Wayar da ta sha wuya a shago tana iya nuna tana caji a waya amma ta kasa riƙe bolt 5.

Kan cajar ma kada a raina shi. Tunda abin da ke fita daga adafta analog ne, duk dattin da ke cikin wutar yana iya bayyana a kan allo. Caja mai arha, musamman a kan ƙaramin janareta, ta kan sa ka ga wasu layuka suna tafiya a hankali daga ƙasa zuwa sama, ko hoton yana rawa. Kan caja na asali na kowace waya, mai 5V da 1A, ya wadatar. Idan dikodar tana da ramin USB a baya, shi ma ya kan yi, kuma yana da daɗin cewa idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, su biyun tare za su tashi. In ka ga hoto bai dawo ba bayan haka, kashe dikodar ka sake kunnawa. Kada kuma ka sa dogon kebul na HDMI tsakanin dikoda da adafta marar caja, domin siririyar wayar fil na 18 tana ƙara zubar da ɗan abin da ake da shi. Tsawon a gefen VGA ya fi, amma da kebul mai kauri, in ba haka ba rubutu ya riƙa yin inuwa.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma za ka ci karo da shi ranar wasa: VGA ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Ka nemi adafta mai ramin iyafis a gefe, ka jona sifika a nan. Ko kuma ka ɗauki sautin kai tsaye daga ja da farin ramin bayan dikoda, wanda ni na fi so, don ya rage wa adafta aiki.

Kafin ka kashe ko sisi, juya monitar ka sake duba bayanta. Ka ce VGA kaɗai gare ta, amma da yawa daga cikin na Balgiyam ɗin nan da suka fito daga ofisoshi suna da farin ramin DVI a ɓoye kusa da shuɗin, yana kallon ƙasa. Idan akwai, ka huta da maganar aisi da caja. Ɓangaren dijital na DVI da HDMI hanya ɗaya suke aika hoto, don haka kebul zalla mai kai biyu, HDMI da DVI, yana aiki, hoton ma ya fi na VGA tsabta. Maganar 50Hz da ta HDCP dai suna nan, sun koma tsakanin dikoda da monita kai tsaye, sauti kuma sai ta ja da fari.

Idan babu DVI, ka ɗauki dikodar da cajarka ka tafi da su Beirut Road ko Farm Centre, ka riga ka sauke ta zuwa 720p tun daga gida. Kada ka yarda a gwada maka adafta a laftof ɗin mai shago, domin a nan kowacce za ta yi aiki, ka riga ka ga haka da idonka. A jona ta da dikodarka, a kan monitar VGA, a buɗe tashar da za ka kalla ba jerin tashoshi kawai ba, a bar ta ta yi 'yan mintuna har ta ɗumama. In da hali ka ɗauki monitar taka ma a adaidaita, tunda ita ce za ta yanke hukunci a kan 50Hz. Idan aka gwada ta ƙi 50 kuma dikodar ba ta da 60, abin da ya rage shi ne akwati mai sikela, wanda yake karɓar kowane irin hoto ya sake gina shi a girman da monita take so. Yana zuwa da cajarsa, kuma ya fi adafta tsada nesa ba kusa ba. A wannan matakin ni sai in tambayi kuɗinsa, in haɗa da na sifika, in kwatanta da na ƙaramar talabijin ta hannu mai HDMI a Sabon Gari, domin sau da yawa tazarar ba ta kai wahalar wayoyi huɗu a kan kantar shago ba.